Wata uku ina Upwork ba wanda ya neme ni, me zan rubuta a take da bayanin furofayil ɗina?

Tambaya: Malam barka da warhaka. Ni ɗan Kano ne, ina fassara Turanci zuwa Hausa, kuma na yi aikin rubuta hirarrakin da aka naɗa a wani binciken lafiya, a ƙalla awa 40 na murya sun bi ta hannuna. Wata uku ke nan da buɗe furofayil a Upwork, dandalin neman aiki ta intanet, ko gayyata ɗaya ban samu ba. Taken da na sa shi ne `Hardworking Freelancer | Translator, Data Entry, Graphics, Writer`. Don Allah me zan gyara a sama da kuma wajen bayani don masu neman mai Hausa su gan ni?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Ka sake kallon taken nan naka da kyau, kalmar Hausa ba ta ciki. Abin da ya bambanta ka da dubban mutanen da ke wannan dandalin shi ne harshen da ka sha a nono, kuma shi ne ka bari a waje ka cika wurin da abubuwan da kowa ma yake iƙirarin ya iya. Wallahi abin ya taɓa ni don ni ma haka na fara, sai da na yi watanni kafin na gane inda gizo ke saƙar, shi ya sa zan ɗan tsawaita maka.

Ka fara da tunanin mutumin da ke ɗaya ɓangaren. Mu ce wata mata ce a ofishin wata ƙungiya mai bincike, an turo mata fayil ashirin na hira da aka naɗo a ƙauyukan Jigawa ko Katsina, ba ta jin ko sannu da Hausa, kuma rahoto ake jira a hannunta nan da sati biyu. Za ta buɗe wajen neman ma'aikata ta rubuta kalma biyu ko uku, `Hausa transcription` ko `Hausa translator` ko `native Hausa speaker`, iyakarta ke nan. Ba za ta taɓa rubuta `hardworking` ba, ba kuma za ta rubuta `freelancer` ba tunda duk wanda ke wurin shi ne hakan. To kalmomi biyun farko na takenka sun cinye haruffa 22 daga cikin 70 ɗin da aka ba ka a gurbin `Title`, kusan kashi ɗaya cikin uku, a kan abin da ba mai nemansa. Shi kuma injin binciken rubutu yake dubawa, abin da aka tambaye shi yake kwatantawa da abin da ke takenka da jerin ƙwarewarka da bayaninka, idan kalmar ba ta nan ba shi da hanyar sanin kai Bahaushe ne, ko da hotonka da zanna bukar a kai.

Sai matsala ta biyu, wato jera sana'a huɗu a layi ɗaya. Na san dalilin da ya sa muke yin haka, mutum gani yake in ya baza komarsa da faɗi dole wani abu ya faɗo. Amma a shigar da bayanai da zanen hoto kana gasa ne da mutane masu ɗimbin yawa daga Filifin da Indiya da Pakistan da Bangaladash waɗanda wasunsu sun gama ayyuka ɗaruruwa a wurin, kai da ba ka da ko tauraro ɗaya shafi na nawa za ka fito? A Hausa kuwa layin gajere ne, za ka iya zama ka duba abokan gasarka ɗaya bayan ɗaya a yini guda. Kuma ita matar can in ta ga mutum ya ce shi mai fassara ne mai zane ne marubuci ne, abin da zai zo ranta shi ne wannan taɓa ka lashe yake yi, sai ta wuce wajen wanda ya ce abu ɗaya ya tsaya a kai. Ka cire sauran ukun duka, ka bar fassarar. In kana son aikin zane da gaske ka neme shi a wani wurin daban, kar ka haɗa shi da wannan.

Yanzu ta ina za ka samo kalmomin da za ka sa? Kar ka ƙirƙiro su daga kanka, su kwastomomin sun riga sun rubuta maka su. Shiga wajen neman aiki ka rubuta `Hausa` kawai, ka buɗe tallan aiki kamar ashirin ko talatin, har da tsofaffin da aka riga aka ɗauki mutum, ka ɗauki biro da takarda ka dinga rubuta yadda suka kira aikin a saman tallan da kuma ƙananan kalmomin ƙwarewa da suka liƙa a ƙasa. Duk kalmar da ta maimaitu ka ja mata layi. Lokacin da na yi nawa abin da ya ba ni mamaki shi ne ni ina kiran kaina `linguist` don ina ganin ya fi daraja, alhali masu biyan kuɗin `translator` suke cewa, wasu ma `Hausa speaker` kawai. Kalmar da ta fi fitowa a takardarka ita za ta zo farko a takenka, a yadda suka rubuta ta, ko da kana ganin ba ta da ƙayatarwa.

Da abin da ka faɗa min game da kanka, ga yadda zan rubuta shi in ni ne:

```
English to Hausa Translator | Hausa Audio Transcription | Health, NGO
```

Haruffa 69 ne har da sarari, ya shiga cif. Ka lura da abu uku a ciki. Na farko na faɗi inda fassarar ta dosa, daga Turanci zuwa Hausa, saboda a wannan sana'ar ana ɗaukar mutum ya fi ƙarfi in yana fassarawa zuwa harshensa na gida, kuma masu ba da aiki da suka san harkar haka suke rubutawa. Na biyu Hausa ta fito sau biyu amma kowacce manne da aikinta, don wanda ya nemi fassara da wanda ya nemi rubuta murya mutane biyu ne daban masu kalmomi daban. Wannan ba ɗaya ba ne da abin da wasu ke yi na cusa Hausa Hausa Hausa sau biyar a layi, wanda mutum na gani zai ji kamar tallan maganin gargajiya a tasha. Na uku fannin ya zo ƙarshe da gangan, saboda a waya ana yawan yanke ƙarshen layi, to in za a yanke gara a yanke abin da ba zai kashe ka ba. Kalmomi huɗun farko su kaɗai ma sun isa a gane ko kai wane ne.

Wani zai ce ai fassara da rubuta murya ma abu biyu ne, me ya sa ban ce ka zaɓi ɗaya ba. Saboda kwastomansu ɗaya ne. Ƙungiyar da ta ba ka takardar neman amincewa da jerin tambayoyi ka mayar Hausa kafin a fita fili, ita ce za ta dawo bayan wata guda da muryoyin da aka naɗo tana neman mai rubutawa. Zanen hoto kuwa ba ruwansa da wannan matar.

Sai bayanin, wato gurbin da suke kira `Overview`. An ba ka har haruffa 5000 amma kar wannan ya ruɗe ka, layi biyu zuwa uku na farko ne kawai ke fitowa a jerin sakamako kafin mutum ya danna ya ga saura, kuma yawanci a kan waɗannan layukan ake yanke hukuncin a buɗe ka ko a wuce. Mu kuma al'adarmu ba ma fara magana sai da gaisuwa da gabatar da kai, abu ne mai kyau a zaure, amma a nan in ka fara da sannu sunana wane na gode da ziyartar shafina ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, to layi ukun sun ƙare ba ka ce komai ba. Sunanka yana sama kusa da hotonka, matar can ta riga ta gani. Ka ajiye gaisuwar sai an fara hira a saƙo, a can tana da amfani sosai. Ga irin buɗewar da nake nufi:

```
I translate English to Hausa and transcribe Hausa audio into Hausa or English, with timestamps and speaker labels. Native speaker from Kano. About 40 hours of health survey interviews (FGD, KII) transcribed. One audio hour delivered in 48 hours.
```

Wajen haruffa 245 ke nan. Jimlar farko ta faɗi aikin da kuma siffar abin da za ta karɓa, wato rubutu mai alamar lokaci da alamar wanda ke magana, don mai bincike in ya ga magana mai muhimmanci so yake ya koma minti kaza ya ji da kunnensa. Ta biyu ta faɗi inda Hausarka ta fito. Ta uku ita ce hujjarka, awa 40 ɗin nan da ka ambata a tambayarka kamar ba komai ba, ita ce dukiyarka mafi girma tunda ba ka da sharhin kwastoma ko ɗaya tukuna. `FGD` da `KII` kuwa su ne sunayen da masu bincike ke kiran hirar rukuni da hirar mutum ɗaya masani, wanda ke cikin harkar yana ganinsu zai san ka taɓa zama da irin fayil ɗinsa, kuma wasu da su suke neman ma'aikaci ma. In dai ba irin waɗannan hirarrakin ka yi ba to ka cire, ka sa ainihin abin da ka yi.

Maganar awa 48 ɗin nan ina so ka tsaya ka auna ta da kanka kafin ka kwafa. A gwajina awa ɗaya ta murya mai tsabta, mutum biyu suna magana a ɗaki shiru, tana cin awa huɗu zuwa shida ana rubutawa. In hirar rukuni ce ta mata takwas a tsakar gida, ga kukan yara ga awaki ga wannan ta katse wannan, kuma Turanci ake so ka mayar kai tsaye, to ka sa awa takwas zuwa goma, wani lokacin ma fiye. Ka haɗa da ɗauke wuta da matsalar netiwok wajen sauke fayil. Na taɓa rubuta awa 24 a nawa don in burge, wani kwastoma ya turo min awa uku na hirar rukuni a daren Alhamis yana sa ran duka ranar Asabar, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba kuma duk da haka na makara, laifina ne ni da na rubuta abin da ban auna ba. Lambar da ka sa a nan alkawari ce, gara ka ce 48 ka kawo a 30.

Bayan wannan buɗewar sai ka shiga abin da wanda ba ɗan gida ba ba zai iya rubutawa ba, kuma a nan ne nake so ka ba da lokacinka. Ka faɗi irin Hausar da kake rubutawa, daidaitacciya wadda aka gina a kan karin Kano, sannan ka faɗi gaskiyar waɗanda kunnenka ke ɗauka. In kana jin Sakkwatanci da Katsinanci ba tare da wahala ba ka rubuta, in ka saba da Hausar Maraɗi ko Damagaram ka rubuta, don akwai masu aiki a Nijar da ke neman wannan takamaimai, kuma muryoyin can suna zuwa da kalmomin Faransanci a ciki, lambobi da sunayen ofisoshi da na magunguna, wanda bai saba ba zai bar gurbi da yawa. In ba ka saba ba kar ka sa, ranar da aka turo maka tsohuwa daga ƙauyen Tawa tana magana da sauri za ka gane Hausa suna ne ɗaya amma faɗi gare ta. Ka kuma faɗi cewa kana rubuta haruffa masu lanƙwasa yadda ya kamata, ɓ da ɗ da ƙ, ka sa su a cikin bayanin ma a gan su da ido. Kwastomomi da yawa an taɓa mayar musu da aiki don mai dubawa ya ce ba a bambanta kafa da ƙafa ba, ko baki da baƙi, to jimla ɗaya a kan wannan tana kwantar musu da hankali fiye da sakin layi guda na yabon kai. In ka san bambancin rubutun Najeriya da na Nijar, inda mu muke sa 'y su kuma ƴ, ka ambata, ƙaramin abu ne amma yana nuna ka san aikin. Ajami ma haka, in ka iya karanta shi da gaske ka sa kalmar `Ajami` ko sau ɗaya, masu nemansa ba su da yawa amma masu iyawar da ke dandalin sun fi su ƙaranci.

Sai ka lissafa irin takardun da kake karɓa da sunayen da su suke kiransu, `consent forms`, `questionnaires`, `training manuals`, `back translation`, da irin fayil ɗin da kake mayarwa, `Word` ko `Excel` ko `SRT` in kana yin rubutun ƙasan bidiyo. Kowane suna a nan wata ƙofa ce da wani zai iya shigowa ta ita. Ka faɗi kalma nawa kake fassarawa a rana, mafi yawan waɗanda na sani tsakanin 1500 ne zuwa 2500 in ana son aiki mai kyau, kai dai ka auna naka. Ka rufe da abin da kake so ta turo maka don ka ba ta farashi, misali minti biyu na muryar da adadin masu magana da ranar da take so. Duka bayanin in ya kai haruffa 1200 zuwa 1500 ya wadatar, ba sai ka cika 5000 ba. Kar ka sa lambar waya ko imel ko WhatsApp a ciki, dokar Upwork ta hana, kuma ana iya rufe maka akawun a kan haka. Sunan ƙungiyar da ka yi wa aikin binciken ma kar ka rubuta sai da izininsu, ka ce binciken lafiya a arewacin Najeriya ya isa. Kuma ka ba wani mai Turanci mai kyau ya karanta maka kafin ka saka, don mai sayar da harshe in aka ga kuskuren nahawu a layinsa na farko magana ta ƙare, ko kai ne ba za ka ba telan da rigarsa ta karkace ɗinki ba.

Akwai gurabe biyu da ba take ba ne ba bayani ba amma in ka bar su duk wahalar nan ta tashi a banza. Ɗaya shi ne `Skills`, ka zaɓi waɗanda suka yi daidai da takenka daga jerin da suke bayarwa, Hausa da fassara da rubuta murya da gyaran rubutu, ka goge na zane da shigar da bayanai ko da gurbi ya rage, don su ne suke rikita hoton da injin ke da shi a kanka. Ɗayan kuma `Languages`, mutane da yawa Turanci kaɗai suke sawa su manta da Hausa don suna ganin ai sananne ne. Ka ƙara Hausa ka zaɓi `Native or Bilingual`, saboda mai nema yana iya tace sakamako da harshe, in ba ka sa ba tacewar za ta zubar da kai tun kafin a karanta takenka. Ka leƙa saitin `Visibility` ma ka tabbata yana kan `Public`, na ga wanda ya yi ta gyaran rubutu alhali furofayil ɗinsa a ɓoye yake.

To ya za ka gane gyaran ya yi aiki? Ka ba shi kwana biyu, sannan ka buɗe burauza a yanayin sirri ba tare da ka shiga akawun ɗinka ba, ka je wajen neman ma'aikata ka rubuta kalmomin nan da ka tattara ɗaya bayan ɗaya ka ga ko ka fito da kuma a shafi na nawa. Daga nan cutar iri uku ce kuma kowacce da maganinta. In ba ka fito ba sam, matsalar kalmomi ce ko gurbin harshe ko saitin ɓoyewa. In kana fitowa amma adadin masu buɗe furofayil ɗinka a shafin ƙididdigarka bai motsa ba, to ana ganinka ana wucewa, ka duba take da layin farko da hoto da farashin awa. In kuma ana buɗewa amma ba a magana, to cikin bayanin ne ko rashin samfur, sai ka sa shafi ɗaya na fassara da ka yi da kanka, Turanci a hagu Hausa a dama, da rubutun minti uku na wata hira da ba ta sirri ba, a wajen `Portfolio`. Abu ɗaya za ka dinga canzawa ka bar shi sati biyu zuwa uku, in ka canza komai a rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi tasiri ba, kuma kasuwar Hausa ba ta da cunkoson da za ka ga bambanci a kwana uku.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce take mai kyau zai sa ka shiga jerin, amma waɗanda suka riga suka yi ayyuka suka tara sharhi da `Job Success Score`, wato makin gamsuwar kwastomomi, su za su fi zama a sama, don haka aikinka na farko da wuya ya zo ta gayyata, kai za ka nema da `Connects` ɗinka, wato tikitin da ake kashewa wajen tura neman aiki. Amma ko a can gyaran nan yana yi maka aiki, saboda in ka tura neman aiki takenka yana fitowa kusa da sunanka a gaban kwastoma tare da layukan farko na wasiƙarka. In kuma ka ce za ka gwada Fiverr, wani dandalin irin wannan, tsarin ya ɗan bambanta, can kowane aiki da tallansa, taken yana farawa da `I will` kuma haruffa 80 ne, da kalmomin bincike biyar, to sai ka raba su, talla ɗaya na fassara ɗaya na rubuta murya, kar ka kwafe layin Upwork ka manna.

Ka yi aikin biro da takardar nan tukuna kafin ka taɓa komai, tallan aiki ashirin a ƙalla. In ka ga `transcription` ta fi `translator` yawa a abin da ake nema a wannan lokacin, ka juya taken ka sa ta a gaba, tsawonsa bai canza ba, 69 ɗin ne dai. Allah ya ba da sa'a ɗan'uwa, ka turo min sabon bayanin in ka rubuta in duba maka layi ukun farko.